Yadda Ake Sanar da Masu Ƙaramin Ƙarfi Inshorar Waya da Gajerun Saƙonni

Na shekara da shekaru ina rubuta saƙonnin sanar da ƙaramar inshora ga mutanen unguwanninmu na Accra, irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, ba yawan waɗanda suka shiga ake dubawa a ce saƙo ya yi kyau ba. Abin dubawa shi ne ko mutumin da ya karanta zai iya maimaita abu uku da bakinsa: nawa zai biya, me za a ba shi, kuma a wane hali ne ba za a ba shi komai ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su. Inshorar da nake nufi ita ce wadda ake shiga ta waya, ana cire kuɗinta daga MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuma zan yi aiki da misali guda ɗaya har ƙarshe domin ka ga yadda ake yi a aikace.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne cikakkiyar takardar sharuɗɗan inshorar, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NIC, ta amince da ita. Harkar inshora a Gana tana ƙarƙashin dokar 2021 mai lamba 1061, kuma duk abin da ka rubuta a saƙo wajibi ne ya dace da abin da ke cikin wannan takarda. Kada ka yarda ka yi aiki da taƙaitaccen bayanin da wani ya ba ka da baki.

Sai jerin lambobin mutanen da suka yarda a aiko musu da saƙon talla. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 mai lamba 843 ta shafi yadda ake tara lambobin mutane da yadda ake amfani da su, hukumar sadarwa ta NCA kuma tana da ƙa'idoji a kan saƙonnin da mutum bai nema ba. Jerin da aka sayo a hannun wani ba abin aiki ba ne.

Za ka kuma buƙaci wayoyi biyu na gwaji, ɗaya ƙarama mai madannai, ɗaya babba ta shafawa, da shafin kamfanin da ke aika maka saƙonni, wanda yake nuna adadin haruffa, da lambar USSD ta shiga, wato irin wadda ake dannawa da * da #, wadda ka tabbatar tana aiki, da layin kira wanda mai jin Hausa zai ɗauka. A ƙarshe ka nemi mutum goma daga cikin irin waɗanda za a aika wa saƙon, waɗanda za su ba ka minti biyar kowannensu.

Mataki na 1: Ka tace takardar sharuɗɗa ta koma amsa biyar

Ka zauna da takardar da biro, ka fitar da amsar tambayoyi biyar: nawa ake biya kuma yaushe, me ake samu, yaushe kariyar take farawa, me ba a biya a kansa, kuma yaya ake karɓar kuɗi. Kowace amsa kada ta wuce jimla ɗaya. Idan wata ta ƙi shiga jimla ɗaya, ka koma wurin masu inshorar su warware maka, domin abin da kai ka kasa faɗa a taƙaice, mai sayar da koko ba za ta gane shi a kan fuskar ƙaramar waya ba.

Ga misalin da za mu bi, kuma alƙalumansa na koyarwa ne kawai, ba na wani kamfani ba. Ana biyan sidi 5 a wata. Idan aka kwantar da mutum a asibiti dare biyu ko fiye, ana ba shi sidi 30 a kan kowane dare, har zuwa dare 30 a shekara. Kariyar tana farawa kwana 30 bayan shiga. Wanda ya yi dare ɗaya kawai ba a biyansa. Ana neman kuɗin cikin kwana 60 bayan sallama, da takardar sallama da Ghana Card. Ka lissafa da kanka tun yanzu: a shekara mutum zai biya sidi 60, idan kuma ya yi dare huɗu a asibiti zai karɓi sidi 120. Wannan lissafin za ka riƙa bayarwa duk lokacin da aka tambaye ka.

Mataki na 2: Ka zaɓi kalmomin da ba sa ruɗarwa

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne sababbi suka fi yin tuntuɓe, saboda suna ɗaukar kalmomin ofis su zuba su cikin saƙo yadda suke.

Ruɗani na farko yana cikin sunan kansa. Idan ka ce "inshorar waya", mutane da yawa za su ɗauka cewa idan aka sace musu waya ko gilashinta ya fashe za a biya su. Saboda haka jimlar farko ta ambaci asibiti, domin a san lafiyar mutum ake magana a kai.

Ruɗani na biyu ya fi tsanani. Mutanenmu sun saba da adashi, wanda a nan muke kira susu: kana zubawa, ranar da lokaci ya yi ka kwashi abinka. Duk wanda ya ji ana cire masa sidi 5 kowane wata, zuciyarsa tana gaya masa ajiya yake yi. Na taɓa zama da wata dattijuwa a Maamobi wadda ta shekara guda tana biya, ta zo gab da azumi tana neman a ba ta abin da ta tara domin ta yi cefane. Da na yi mata bayanin cewa kuɗin ba ya dawowa, sai ta yi shiru tana kallon wayarta, sannan ta ce, "Ɗana, da kun faɗa mini haka tun farko, da na san abin da nake yi." Ba ta yi faɗa ba, amma tun daga ranar ban sake fitar da jerin saƙonni ba tare da jimlar "wannan ba susu ba ne" a cikinsu ba. Kada ka yi amfani da "ajiya" ko "tari" ko "zubi" ko kaɗan.

Kalmar "kyauta" ma ka kiyaye ta. Tun wajen 2010 aka fara ba masu amfani da layin Tigo inshora a Gana ba tare da sun biya kuɗi daban ba, gwargwadon katin da suke sakawa, kuma har yau akwai masu ɗaukar cewa duk inshorar waya haka take. Idan watan farko ne kawai ba a biya, ka faɗi ranar da za a fara cire kuɗi a cikin wannan saƙon da ya ambaci kyautar. Haka nan ka bar kalmar "diyya", domin a kunnen Bahaushe tana jawo tunanin kisa da rauni, sai ka ce "za mu ba ku" kawai.

Akwai kuma bambanci tsakanin "kwana" da "dare". Wanda aka kwantar ranar Litinin da safe aka sallame shi Talata da yamma zai iya ce maka ya yi kwana biyu, alhali dare ɗaya ya yi. Idan takardar sharuɗɗa dare take ƙirgawa, ka rubuta "dare", ka kashe gardamar tun ba ta taso ba. Wajen kiran mai karatu kuwa, ka yi amfani da "ku", domin ya haɗa namiji da mace, kuma ya fi girmamawa ga dattijo.

Mataki na 3: Ka san iyakar haruffanka

Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, amma da sharaɗin duk haruffan suna cikin tsarin da ake kira GSM-7. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin wannan tsari. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya zai koma tsarin Unicode, iyakarsa ta sauko zuwa haruffa 70. Saƙo mai haruffa 155 sai ya rabu kashi uku, ka biya kuɗin saƙo uku, kuma a wasu ƙananan wayoyi harafin ya fito a matsayin ɗan akwati ko alamar tambaya. Alamar sidi ta ₵ ita ma haka take yi, shi ya sa muke rubuta GHS.

Mafita ita ce ka rubuta saƙon ba lanƙwasa, amma ka zaɓi kalmomin da cire lanƙwasar ba zai juya ma'anarsu ba. "Kudi" kowa zai gane kuɗi ake nufi. "Fada" kuwa za a iya karanta ta fadar sarki, sai ka ce "gaya". A maimakon "rike" ka ce "ajiye". Idan ka kwafo rubutu daga wata manhaja, ka duba ma'aunin haruffa da kyau, domin alamar zance mai lanƙwasa tana shigowa a ɓoye ta lalata lissafin. Sunan mai aikawa kuma ba ya wuce haruffa 11, kuma ya zama sunan kamfanin ne da aka yi wa rajista, kada saƙon ya fito daga lambar waya ta mutum.

Mataki na 4: Ka rubuta saƙonnin, kowanne da aikinsa ɗaya

Amsoshi biyar ba za su shiga saƙo ɗaya ba, kuma cusa su da gajarce kalmomi shi ne hanyar da ta fi saurin sa a share saƙo ba a karanta ba. Ka raba su. A misalan nan na sa 000 a gurbin lambar gaskiya. Na farko shi ne sanarwa:

```
Inshora: idan an kwantar da ku a asibiti dare 2 ko fiye, za mu ba ku GHS30 kowane dare. Ku biya GHS5 a wata ta MoMo. Shiga: *000#. Daina sako: STOP ga 000.
```

Haruffansa 155 ne. Ka lura cewa sharaɗin dare biyu yana cikin jimlar da ta yi alkawarin kuɗin, ba a ture shi zuwa wani saƙo ba, domin shi ne sharaɗin da zai fi hana mutane samun biya. Babu gaisuwa mai tsawo, babu "albishirinku", babu "ku yi sauri kafin a rufe". Irin wannan lafazin shi ne na 'yan damfarar MoMo, kuma mutane sun koyi gudunsa.

Na biyu shi ne na iyakoki, kuma ra'ayina shi ne mutum ya gan shi kafin ya tabbatar da shiga, a kan shafin USSD ɗin kansa, sannan a sake aiko masa shi ta tes:

```
Wannan ba susu ba ne: GHS5 ba ya dawowa. Ba ma biya idan dare 1 kawai kuka yi a asibiti. Iyaka dare 30 a shekara. Ba ta maye gurbin NHIS ba.
```

Za ka haɗu da masu cewa wannan saƙon yana korar masu saye. Gaskiya ne wasu za su fasa, amma waɗanda za su fasa su ne waɗanda da za su dawo bayan wata shida da ɓacin rai, su kuma gaya wa duk layinsu cewa an cuce su. Jimlar NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, tana da muhimmanci, saboda akwai masu daina sabunta katin lafiyarsu na gwamnati a kan zaton sabuwar inshorar za ta biya musu magani, alhali ita kuɗi take ba mutum a hannu bayan an sallame shi.

Na uku yana tafiya nan take bayan shiga. A ce mutum ya shiga ranar 10 ga Maris:

```
Kun shiga. Mun cire GHS5 yau. Za mu cire GHS5 ran 10 ga kowane wata. Kariyarku za ta fara ran 9 ga Afrilu, bayan kwana 30. Don fita: *000#, sai 3.
```

Ka ba da ainihin ranar, kada ka bar mutum da ƙirga kwana talatin. Hanyar fita kuma ta kasance a fili, domin wanda ya ga ƙofa a buɗe ya fi sakin jiki ya zauna. Na huɗu shi ne na karɓar kuɗi, kuma ana maimaita shi duk bayan wata biyu ko uku, saboda ranar da mutum zai buƙace shi ya riga ya manta:

```
An sallame ku daga asibiti? Ku kira 000 cikin kwana 60. Ku ajiye takardar sallama da Ghana Card. Kudin zai shigo MoMo dinku. Kada ku gaya wa kowa PIN.
```

Ka tanadi na biyar domin ranar da aka je cire kuɗi ba a samu ba. Ya faɗi cewa ba a samu GHS5 ba yau, ya kuma faɗi ranar da kariyar za ta tsaya idan ba a biya ba, kamar yadda takardar sharuɗɗa ta tanada. Mutumin da kariyarsa ta tsaya bai sani ba, a gadon asibiti zai gano, kuma babu lokacin da ya fi wannan muni.

Mataki na 5: Ka gwada a kan mutum goma

Da farko ka aika wa wayoyinka biyu, ka ga yadda saƙon ya fito, ka danna lambar ka bi ta har ƙarshe. Sannan ka fita wurin mutanenka goma, kuma ka gauraya su: mai waƙe da shinkafa, mahauci, tela, direban tasi, 'yar dako a kasuwa, da dattijo ɗaya ko biyu. Ka miƙa wa mutum wayar, kada ka yi masa wani bayani. Idan ya gama karantawa ka karɓi wayar, ka tambaye shi: nawa za ku biya, me za a ba ku, kuma idan shekara ta ƙare ba ku kwanta asibiti ba, ina kuɗinku? Kada ka tambaye shi ko ya gane, domin kunya da kara za su sa ya ce ya gane.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan fiye da mutum biyu cikin goma suka kuskure tambaya ɗaya, laifin saƙon ne, sai in gyara in nemi wasu sababbin goma. A irin wannan gwajin ne za ka ji dattawa suna mayar da sidi 5 "dubu hamsin", sidi 30 kuma "dubu ɗari uku", domin har yanzu suna lissafi da tsohon kuɗin da aka canja a 2007, lokacin da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. A rubuce ka tsaya a kan sabon kuɗi kawai, amma ka gaya wa masu amsa kira su san da wannan, su riƙa cewa "sidi biyar na yanzu".

Mataki na 6: Ka haɗa da murya

Da yawa daga cikin Hausawan zango suna jin Hausa sarai amma ba su saba karanta ta da boko ba. Wani Turanci yake karantawa, wani ajami, wani kuma sai ɗansa ya dawo daga makaranta ya karanta masa. Don haka ka shirya saƙonnin da Turanci mai sauƙi ma, ka bar mutum ya zaɓi harshe, sannan ka naɗi kowane saƙo da murya, kada ya wuce daƙiƙa arba'in. Mai naɗin ya zama ɗan nan ne mai Hausar zango, kuma ya faɗi kuɗin sau biyu a hankali.

Idan ba ka da kuɗin kiran murya ta na'ura, ka ba wakilanka naɗin su riƙa kunna wa mutane a wayarsu, ka kuma buga saƙo na ɗaya da na biyu da manyan haruffa a manna a rumfunan masu MoMo. Idan kana son a yi sanarwa a unguwa, ka fara kai gaisuwa wurin sarkin zango da limami, ka ba su rubutun yadda yake, ka roƙi mai sanarwar kada ya ƙara komai daga kansa. Za a tambaye ka matsayin inshora a addini. Kada ka sa kalmar "halal" a saƙo don jawo kasuwa, kada kuma wakilinka ya ba da fatawa. Ka bayyana yadda tsarin yake aiki dalla-dalla, ka bar mutum ya kai wa malaminsa.

Mataki na 7: Ka aika kaɗan-kaɗan, kana sauraro

Kada ka saki saƙon ga jerin gaba ɗaya a rana ɗaya. Ka fara da lambobi ɗari biyar, tsakanin hantsi da la'asar, ka kauce wa dare da lokacin sallar Juma'a, kuma ka tabbatar masu amsa kira suna zaune kafin saƙon ya fita. Ka sa su rubuta tambayar farko da kowane mai kira ya yi, da kalmominsa.

Bayan kwana uku ka karanta abin da suka rubuta, domin kowace tambaya da ta yawaita tana nuna maka jimlar da ta gaza. Idan ana yawan tambayar ko za a biya wayar da aka sace, kalmar asibiti ba ta fito da ƙarfi ba. Idan ana tambayar yaushe za a kwashi kuɗi, saƙon susu bai isa ga mutane ba kafin su shiga. Idan mutane suna danna lambar amma suna tsayawa a tsakiya, ka duba tsawon shafukan USSD ɗin, domin layin yana yankewa idan mutum ya daɗe yana karatu. Alamar da ta fi kowace nauyi tana zuwa ne a wata na biyu: idan mutane da yawa suka fita ranar da aka cire kuɗi karo na biyu, ko suka kira suna cewa an taɓa musu MoMo ba da saninsu ba, to ba su fahimci cewa biyan na kowane wata ne ba. A wannan hali ka dakatar da aikawa, ka gyara jimlar biyan kuɗi a saƙo na ɗaya da na uku, ka ƙara saƙon tuni kwana biyu kafin ranar cirewa, sannan ka koma mataki na 5 da sababbin mutum goma kafin ka aika wa rukuni na gaba.